Laftof mai katin girafik biyu: me ya sa allo ke yin baƙi idan za a ɗora Linux?

Duk zangon karatu sai an samu wanda ya soka filashin Ubuntu a laftof ɗinsa, tambari ya bayyana, daga nan allo ya yi baƙi ƙirin, fanka na ta huci, babu gaba babu baya. Sai ka ji an ce filashin ne ya lalace, ko kuma wai Linux ba ta jituwa da wannan kwamfuta. Daga abin da na gani a hannun 'yan ajinmu, yawanci ba haka ba ne. Ka duba jikin laftof ɗin, kusa da kibod. In ka ga sitika biyu, ta Intel da ta NVIDIA, to ga inda gizo ke saƙar.

Irin wannan laftof katin girafik biyu gare ta. Na Intel yana cikin furosesa, ba shi da ƙarfi sosai amma yana tattalin batir. Na NVIDIA daban yake, ga ƙarfi ga shan wuta. A tsarin da NVIDIA ta fito da shi a 2010 mai suna Optimus, allon laftof a mafi yawan lokuta da katin Intel aka haɗa shi. Shi na NVIDIA aikinsa ya zana hoto mai nauyi, ya miƙa wa na Intel ya nuna. Ma'ana, ko da direban NVIDIA bai hau ba, allonka zai iya aiki lafiya lau da Intel kaɗai. Wannan shi ne sirrin gyaran gaba ɗaya.

To ina matsalar take? Linux tana zuwa da direban NVIDIA na sa kai mai suna nouveau, wanda ba kamfanin ne ya rubuta shi ba. A wasu katunan yana aiki, a wasu kuwa yana ƙoƙarin tada katin sai komai ya cije. Maganin shi ne a hana shi tashi, a bar Intel ya ja ragama har a gama girkawa.

Bari mu ɗauki misali guda: laftof ta hannu mai Core i5 da GeForce 940MX, irin waɗanda suka cika kasuwa. Ka tashe ta daga filashi. Da jerin zaɓin GRUB ya fito, kar ka danna Enter, danna e. Nemo layin da ya fara da linux, ka je wajen quiet splash, ka ba da tazara ɗaya ka ƙara wannan:

```
nouveau.modeset=0
```

Sai ka danna F10. Wannan gyara na tashi ɗaya ne kawai, don haka in bayan girkawa ta sake cijewa, maimaita shi. Idan GRUB bai nuna kansa ba, danna Esc tun farkon kunnawa, ko ka riƙe Shift a tsofaffin kwamfutoci.

Za ka ji wasu na cewa a sa nomodeset, wanda shi ne abin da zaɓin Ubuntu (safe graphics) ke yi. Yana aiki, amma shi duka katunan yake rufe wa baki, har da Intel da bai yi laifin komai ba. Shi ya sa za ka ga rubutu ya yi ɓarɓaɗa-ɓarɓaɗa, maɓallin rage haske ya daina aiki. A lalura babu laifi, amma kar ka bar shi ya zauna dindindin a cikin /etc/default/grub. In wani ya riga ya sa maka shi a can, goge shi ka buga sudo update-grub.

Bayan ka shiga, buɗe Terminal ka tabbatar da abin da ke cikin injin, kar ka dogara da maganar mai shago:

```
lspci | grep -E "VGA|3D"
ubuntu-drivers devices
```

Umarnin farko zai nuna layi biyu. A misalinmu, Intel zai fito a matsayin VGA compatible controller, NVIDIA kuma 3D controller. Na biyun zai jero direbobin da suka dace da katinka, ɗaya daga ciki da kalmar recommended a gabansa. Shi za ka ɗora da sudo ubuntu-drivers install, sannan ka sake kunna kwamfutar. Ka tabbata akwai caji ko wuta tsayayyiya, domin in ta mutu ana tsakiyar aikin, gyaran ya fi girkawar wahala.

Me ya sa ba za a ɗauki mafi girman lamba kawai ba? Saboda NVIDIA tana yaye tsofaffin katuna. Katunan zamanin Fermi, irin su 820M, a direba 390 suka tsaya. Na zamanin Kepler a 470. Shi 940MX ɗinmu ɗan Maxwell ne, jerin 580 ne na ƙarshe gare shi. In ka tilasta wa tsohon kati sabon direba, zai girku ba tare da ƙorafi ba, amma ba zai ga katin ba. Idan kuwa ubuntu-drivers bai kawo maka komai ba, katin ya tsufa da yawa, ka haƙura ka zauna da Intel. Haka kuma ka guji fayil ɗin .run da ake saukewa daga shafin kamfanin, domin manajan manhajojin Ubuntu bai san da zamansa ba, kuma sau da yawa sabunta kanel ɗaya ke karya shi.

Tarko na gaba shi ne Secure Boot. Idan yana kunne, kanel ba ya loda direban da ba shi da sa hannun da ya amince da shi. Wani lokaci ana tsakiyar girka direba za a ce ka zaɓi kalmar sirri. Da ka sake kunnawa sai shuɗin allo ya fito, kuma daƙiƙu kaɗan yake jira. Mutane da yawa tsorata suke yi su bar shi ya wuce. Danna kowane maɓalli, zaɓi Enroll MOK, sai Continue, sai Yes, ka sa kalmar sirrin nan, ka zaɓi Reboot. Don sanin ko an dace, buga waɗannan:

```
mokutil --sb-state
nvidia-smi
```

In nvidia-smi ya nuna tebur mai sunan katinka da lambar direba, aiki ya yi. In ya ce ya kasa magana da direba, na farkon kuma ya nuna SecureBoot enabled, mai yiwuwa shuɗin allon nan ne ya wuce ka. Ana iya kashe Secure Boot a BIOS, amma in akwai Windows mai BitLocker a gefe, ka fara adana mabuɗin dawo da ita, don za ta iya nemansa.

Saura zaɓin wanda zai riƙa aiki. Umarnin prime-select query zai gaya maka halin da ake ciki, kuma yanayi uku ne: intel, nvidia da on-demand. A nvidia, babban katin ba ya hutawa, batir na zuba kamar ruwa a kwando. A intel an ajiye shi gefe. Ni on-demand nake ba da shawara: Intel na riƙe da aikin yau da kullum, sai ka kira NVIDIA idan za ka buɗe abu mai nauyi kamar Blender.

```
sudo prime-select on-demand
__NV_PRIME_RENDER_OFFLOAD=1 __GLX_VENDOR_LIBRARY_NAME=nvidia blender
```

Bayan layin farko sai an sake kunnawa kafin ya kama. Ranar da babu wuta a hostel kuma rubutun furojet kawai za ka yi, koma intel, batirin zai fi daɗewa.

In kuma wata rana bayan sabuntawa allo ya sake yin baƙi, kar ka yi saurin goge komai. Danna Ctrl+Alt+F3, ka shiga da sunanka da kalmar sirrinka, ka cire direban da sudo apt purge 'nvidia-*', ka sake kunnawa. Idan ko hakan bai samu ba, shiga Advanced options for Ubuntu a GRUB ka zaɓi tsohon kanel. Fayilolinka na nan daram, direba ɗaya ne kawai ya ƙi tashi.