Tuni na biyu: yadda za ka nemi kuɗinka ba ka ci mutuncin kowa ba

Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Shi ya sa tunin farko ba ya wuya, domin kowa na iya mantuwa. Na biyun ne ke ɓata zumunci, saboda a lokacin zuciyar mai kuɗi ta fara zafi.

A ce kana sayar da atamfa a Kantin Kwari. Wani abokin ciniki ya ɗauki turmi 10 a kan naira 18,000 kowanne, ya ba da 60,000, saura 120,000, da alkawarin cikawa ƙarshen wata. Wata ya mutu, ka tuna masa, shiru. Bayan mako guda sai ka rubuta:

"Assalamu alaikum Alhaji, ya kasuwa, ya iyali? Ina ƙara tuni ne kan cikon kuɗin atamfa turmi 10, naira 120,000, wanda muka yi za a biya ranar 30 ga watan jiya. Na aiko da saƙo ranar 3, wataƙila bai iso ba. Don Allah a turo kafin Juma'a, 14 ga wata. In cikawa gaba ɗaya ba za ta yiwu ba, a faɗa mini nawa za a fara bayarwa da ranar sauran. In lissafinka ya saɓa da nawa, mu daidaita."

Lura da cewa babu "ka ƙi biya", babu "ka yi banza da ni". Waɗannan hukunci ne a kan zuciyar mutum, kai kuwa ba ka ga zuciyarsa ba. Da zarar ka zarge shi, ka ba shi abin musu, sai a bar zancen kuɗi a koma zancen wa ya raina wa. Adadi da kwanan wata kuwa ba a musunsu cikin sauƙi. Shi kuma "wataƙila bai iso ba" ƙofa ce da zai fita ta cikinta ba tare da jin kunya ba.

Amma kuskuren da ya fi damuna shi ne na masu kunya. Sai ka ji an ce "ɗan kuɗin nan", ko "in ka samu hali", ko "ba gaggawa". Duk wanda ya karanta haka ya san an ɗage masa wa'adi har sai baba ta gani. Ladabi yana cikin gaisuwa da "don Allah", bai kamata ya shafe adadi ko rana ba. Ko aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta yi umarni a rubuta bashi mai wa'adi sananne, kuma aya ta 280 ta ce a saurara wa wanda ke cikin ƙunci. Sauƙin biya kaɗan-kaɗan ya halatta, amma a yanka masa rana.

Kada ka ambaci shugaban kasuwa ko kotu tukuna, wannan na tuni na uku ne. Ka aika masa shi kaɗai, ba cikin jama'a ba, kuma ka adana saƙon.