Kafin a kashe kuɗi wajen ƙara wa manhaja horo

Duk kamfanin da ya ɗora manhajar ƙirƙirarriyar basira don amsa tambayoyin masu hulɗa da shi, wata rana zai tarar tana shirme. Abin da kan fara faɗowa a bakin shugabanni shi ne: "A ƙara mata horo da bayananmu." Sau da yawa wannan shi ne magani mafi tsada, kuma ba shi ciwon ke buƙata ba.

Hanyoyin gyara uku ne, kuma sun yi kama da yadda ake bi da sabon yaron shago. Ko dai ka yi masa bayani dalla-dalla, ko ka ajiye masa littafin farashi a gabansa, ko ka tura shi koyon sana'a. Ta farko ita ce gyara umarnin da ake rubuta wa manhajar. Ta biyu ita ce haɗa ta da rumbun takardu, ta yadda kafin ta amsa kowace tambaya za a lalubo mata shafin da ya dace. Masana na kiran wannan RAG, sunan da masu bincike na Facebook suka fito da shi a 2020. Ta uku ita ce ƙarin horo, inda ake ciyar da ita ɗaruruwa ko dubban misalai har lissafin da ke cikinta ya sauya.

Mu ƙaddara wani dillalin kayan noma yana da manhajar da ke amsa wa manoma ta WhatsApp. Matakin farko, ya tara tambayoyi 100 na gaske, ya rubuta amsar da ta dace da kowacce, sannan ya gwada. A ce 30 sun fito ba daidai ba. Sai ya zauna ya karkasa su.

Idan 18 daga ciki tsohon farashin buhun taki ne, horo ba zai yi magani ba. Farashi na sauyawa, abin da aka cusa ta hanyar horo kuwa yana daskarewa a ranar da aka kammala. Ga shi kuma manhajar ba za ta iya nuna inda ta samo adadin ba. Wannan aikin rumbu ne: a gyara takardar farashi da safe, amsa ta gyaru nan take.

Akwai gwaji mai sauƙi da ke tabbatar da haka. A kwafo shafin da ke ɗauke da amsar, a liƙa shi da hannu tare da tambayar. In ta amsa daidai, ashe kanta lafiya lau, laifin na mai lalubo mata takarda ne. Daga nan sai a duba yadda aka yayyanka takardun, domin akan raba jerin farashi da layin da ke faɗin sunan kayan. A kuma duba rubutu: manomi ya tura "kudi" da "kasa", rumbu na ɗauke da "kuɗi" da "ƙasa", binciken da ke bin harafi da harafi sai ya wuce su.

Idan wasu 8 daidai suke amma sun yi tsawo, ko babu gaisuwa, wannan na umarni ne. A rubuta ƙarara: amsa kada ta wuce jimla uku, in babu bayanin a takarda ta ce babu. A haɗa da misalai biyu ko uku na amsa mai kyau. Aikin yini guda ne.

Saura 4 fa, inda Hausar ke fitowa a karkace duk da umarni da misalai? Nan ne ƙarin horo ke da gurbi, domin ƙarfinsa na wajen koyar da salo da tsari. Yana kuma amfani idan ana son ƙaramar manhaja mai arha ta ƙware a aiki guda da ake maimaitawa sau dubbai. Dabarar LoRA, wadda masu bincike na Microsoft suka gabatar a 2021, ta rage tsadarsa, domin ɗan ƙaramin sashe ake horarwa a bar sauran yadda yake.

Amma yana da nasa haɗarin. Misalai masu kuskure kan koyar da kuskuren. Manhajar kan haddace misalan har ta kasa amsa sabuwar tambaya, ko ta manta wani abin da ta iya a da. Shi ya sa tambayoyin gwaji 100 ɗin nan ba a saka su cikin na horo, kuma ana sake gwada dukkansu bayan an gama.

Don haka idan wani ya kawo maka takardar kuɗin horo, tambaye shi amsoshi nawa ne suka lalace, kuma nawa suka rage bayan an gyara umarni da rumbu. In bai da wannan lissafi, kada ka sa hannu tukuna.