Wa Ke Yanke Farashin Buhun Gero?

Masana sun kasa tattalin arziki gida huɗu, na gargajiya, na kasuwa, na umarnin gwamnati da na gauraye. Ɗalibai kan haddace sunayen, amma da an ce su bambanta su sai a ji shiru. Tambaya ɗaya ce ke raba gardama: wa ke yanke abin da za a noma, da wanda zai samu?

A tsarin gargajiya al'ada ce ke yankewa. Ɗan maƙeri ya gaji ƙira, manomi ya shuka abin da ubansa ya shuka, noma ya yi yawa a kira gayya, Bafulatana ta kawo nono ta karɓi hatsi. Akwai rufin asiri, sai dai sabon abu ba ya samun shiga da wuri.

A tsarin kasuwa kuwa farashi ne sarki. Je ka Dawanau a Kano da kaka. Gero ya cika kasuwa, kuɗinsa ya faɗi, 'yan kasuwa su saye su kimshe a sito. Da damina ta kankama rumbuna sun yi ƙasa, sai buhu ya hau. Babu jami'in da ya sa hannu a wata takarda. Manomin da ya ga waken suya ya fi gero tsada bana, baɗi shi zai shuka. Aibin tsarin shi ne kasuwa ba ta jin kukan marar kuɗi, komai yunwarsa.

To, na umarni fa? Tarayyar Sobiyet ce babban misali. Daga 1928 hukumar tsare-tsarenta, Gosplan, ta riƙa tsara abin da masana'antu za su samar cikin shekara biyar-biyar, gwamnati kuma ta ƙayyade farashi. An gina manyan masana'antu cikin sauri, amma jama'a sun sha dogon layi a kantuna. Dalili a fili yake: idan kaya ya yi ƙaranci kuma an hana farashinsa motsi, layi ne ke tsawo. Da wannan ma za ka gane tsarin da kake ciki. Kaya ya yanke, duba ka gani, kuɗi ne ya hau ko layi ne ya miƙe?

Mu ma mun ɗanɗana. Zamanin dalar gyaɗa, hukumar cinikin amfanin gona ce ke yanka wa manomi farashi, har aka rushe irin waɗannan hukumomi a 1986. Man fetur ma a da gwamnati ce ke ƙayyade kuɗinsa, shi ya sa da ya yi wuya sai layi a gidan mai, 'yan bumburutu kuma a bakin titi da galan. Da aka janye tallafi a Mayun 2023, farashin lita ya kusa ninka uku cikin 'yan kwanaki.

Wannan shi ne tsarin gauraye: kasuwa na yanke wasu abubuwa, gwamnati na riƙe da wasu, kamar hanyoyi, makarantu da haraji. Kusan kowace ƙasa a yau a nan take, har Amurka da Sin. Inda suka bambanta shi ne yawan abin da gwamnati ta riƙe.