Idan Aiki Ya Zo Neman Ka Ba Ka Shirya Tashi Ba

Masu nemo wa kamfanoni ma'aikata iri biyu ne. Akwai ma'aikacin kamfanin da ke da gurbin, akwai kuma ɗan hukumar da aka ba kwangila, wanda galibi ba ya samun ladansa sai an ɗauki wanda ya kawo. Dukansu da wa'adi suke aiki. Shi ya sa "to, zan duba" da muke faɗa don kunya ta fi cutar da su a kan "a'a" kai tsaye: sai ya bar sunanka a jeri, ya yi ta jira, ranar miƙa sunaye ta zo ka daina ɗaga waya. Mutum ba ya mance wanda ya ba shi kunya a gaban wanda ya sa shi aiki.

A ce akanta ce a Kano, watanta 8 da samun ƙarin girma, sai ga saƙo ta LinkedIn ana yi mata tayin aiki a Legas. Ba ta da niyyar tashi. Cikin kwana ɗaya ko biyu sai ta amsa:

"Ranka ya daɗe, na gode ƙwarai da ka tuna da ni. Wannan karon ba zan nema ba, domin ban daɗe da karɓar sabon matsayi ba, ina so in cika shekara biyu a kai. Amma idan gurbin manajan kuɗi ya fito a Kano ko Abuja nan gaba, zan so ka taɓa ni. Allah ya haɗa ka da wanda ya dace."

Jimla ta uku ce ke da aiki a nan. Irin waɗannan mutane suna ajiye bayanin duk wanda suka tuntuɓa, kuma da matsayi da gari suke bincike in sabon gurbi ya faɗo. Wanda ya ce "ba na so" kawai bai bar musu abin rubutawa ba. Ita kuwa ta faɗi matsayi, ta faɗi gari, ta faɗi lokaci.

Sai dai dalilin ya zama na gaskiya. In albashin ne ya yi kaɗan, a faɗa da ladabi, kada a laɓe da nisan gari, don gobe zai dawo da aikin Kano mai ƙaramin albashi, a rasa bakin magana. Kukan maigidan da ake yi wa aiki kuwa, ba nan ne wurinsa ba. 'Yan sana'a ɗaya sun san juna fiye da yadda ake zato.

In ta san wata da ta dace da gurbin, ta nemi izininta tukuna kafin ta ba da lambarta. Wanda ya ce a turo kuɗin fom ko na tantancewa kuma, shi ba a bin sa da wannan ladabin duka, toshe shi ake yi.