Kunkuru da Kaza a Minti Ɗaya: A Bar Hoto Ya Yi Magana

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare wajen matasan da ke haɗa katun a waya, kuma ta isa a tsaya a kanta. Mutum zai ɗauko tatsuniya, ya karanta ta tun daga "ga ta nan ga ta nanku" har "ƙurunƙus", ya naɗi muryarsa, sannan ya jera hotuna huɗu ko biyar a kai, ya ce ya yi fim. Irin wannan ake turawa daga waya zuwa waya a Tanut da Belbeji da Bakin Birji, yara su kalli rabi su wuce. Masu yin sa sun ɗauka cewa maganar ita ce labarin, zanen kuwa ado ne. Kuskuren ke nan, domin a zane mai motsi abin da ido ya gani shi ne labarin.

Lissafi kaɗai ya isa ya nuna haka. Mai ba da labari a natse yakan furta kalma biyu zuwa uku a daƙiƙa, wato abin da bai wuce kalma 180 ba a minti, in bai tsaya ya ja numfashi ba. Tatsuniyar da kaka ke yi da dare ta ninka haka sau da yawa. Wanda ya nace sai ya cusa ta duka, dole ya yi ta zuba kamar mai sanarwar cigiya, hoton kuma ya tsaya cik yana jiran a gama. Gefen zane ma akwai nasa lissafin. Fim na tafiya da hoto 24 a daƙiƙa, masu zanen hannu sukan nuna kowane zane sau biyu, ya zama 12, wato zane 720 a minti guda. Wanda zai ɗauki wannan wahala bai kamata ya ɓarnatar da ita wajen zana baki yana buɗewa yana rufewa ba.

A ɗauki labari gajere. Kaza na yi wa kunkuru dariya don yana yawo da ɗakinsa a baya, shaho ya kawo farmaki, kunkuru ya shige ƙoƙonsa, kaza ta rasa mafaka, daga ranar ta daina gori. Ga yadda zai zauna a daƙiƙa 60 ba tare da mai ba da labari ba. Daƙiƙa takwas na farko, gindin rumbun gero da hantsi, kaza na tsattsagar tsaba, ta kai baki kan wani dutse, ƙwas, sai dutsen ya fito da kai ya dube ta. Dariya ta farko ke nan, kuma an gabatar da su biyun ba a ce uffan ba. Daga 8 zuwa 22 gori ne: ta zagaya shi sau uku a guje kafin ya ɗaga ƙafa ɗaya ya ajiye, ta kife wata tsohuwar ƙwarya a bayanta tana kwaikwayon tafiyarsa, 'yan tsaki na faɗuwa don dariya, sannan ta yi shuri da ƙwaryar ta gangara gefe. Lallai mai kallo ya ga inda ƙwaryar ta tsaya. Daga 22 zuwa 30 inuwa ta gilma a ƙasa, kaza ta karkata kai ta dubi sama da ido ɗaya, komai ya yi tsit. Kunkuru ya janye kai, ya rufe ƙofa da ƙafafunsa na gaba. Daga 30 zuwa 46 kaza ta gwada mafaka uku: ƙarƙashin rumbu 'yan tsaki sun cika shi, bayan karan gero guda ɗaya da bai rufe ko wuyanta ba, sai ƙofar kunkuru, tana ƙwanƙwasawa, shi kuwa ya leƙo da ido ɗaya ya koma. Daga 46 zuwa 52 ta faɗa ƙarƙashin ƙwaryar nan da ta shure, aka ji ƙarar farce a kanta, gashi biyu suka sauko a hankali. Sauran daƙiƙa takwas, ƙwarya na tafiya da ƙafafun kaza a ƙasa, tana sanɗa, kunkuru ya zo ya wuce ta.

Abin lura a nan shi ne dariyar ƙarshe tun a daƙiƙa ta 15 aka shuka ta. In ba a nuna ƙwaryar da wuri ba, shigar kaza cikinta zai zama sa'a kawai, ba sakayya ba. Haka shirun da ke biyo bayan inuwar shaho. Sababbin hannu sukan yanke shi don suna ganin ɓata lokaci ne, alhali shi ke sa gudun kaza ya ba da dariya. Kowane abin dariya na son abu uku a jere: a ga mai yi yana shiri, a ga ya yi, a ba mai kallo kamar daƙiƙa ɗaya ya ga fuskar wanda abin ya faɗa wa. In aka nuna wa yaro fim ɗin ba sauti ya kasa faɗin abin da ya faru, ko ya yi dariya bayan hoton ya riga ya wuce, to ɗaya daga cikin ukun nan ne aka gutsure. Shahon kansa ba sai an zana shi ba. Inuwa ta fi ban tsoro a ƙaramin gilashin waya, kuma ta rage aikin kwanaki. Kunkuru ma mai sauƙin kai ne, zane ɗaya zai iya tsayawa daƙiƙa biyu ana motsa ido kawai. A kaza ƙoƙarin zai tafi, musamman yadda kanta ke tsayawa wuri ɗaya jiki ya matso, sannan ta cilla shi gaba. Wanda bai zauna ya kalli kazar gidansu ba, agwagwar katun ɗin Turawa zai zana.

Za a ce ai daɗin tatsuniya a baki yake, cire murya kashe ta ne. Gaskiya ne muryar mai tatsuniya gwaninta ce da babu abin da zai maye gurbinta, amma ita a duhu take aiki, inda mai sauraro ke zana kunkuru a zuciyarsa. Da zarar an sa hoto, an karɓe masa wannan aikin, sai maimaita abin da yake gani ya zama raina masa hankali. A Damargu kuma akwai ƙarin dalili. Bahaushe da Buzu da Bafillace da Badagire kasuwa ɗaya suke ci, kuma kaza cikin ƙwarya ba ta bukatar tafinta. Wasu kuma za su ce ina darasin, in ba a faɗe shi a ƙarshe ba? Yaron da ya ga kunkuru ya wuce mai yi masa gori ya riga ya gane. Rubuta masa "kada ka raina mutum" da manyan baƙaƙe daƙiƙa biyar ce aka sace daga fim ɗin. In dole sai an yi magana, kukan kaza da kalma ɗaya daga bakin kunkuru, "sannu", lokacin da yake wuce ta, sun wadatar.

Masu kukan rashin kayan aiki kuwa su tuna da Mustafa Alasan, ɗan Nijar da ya zauna a Tawa, ya rasu a 2015. A 1966 ya fitar da Bon Voyage Sim, ɗan gajeren katun na kwaɗi da ke shaguɓe ga tafiye-tafiyen shugabanni, da zanen layi mara ƙawa, a zamanin da babu waya a aljihun kowa. Yau manhaja irin FlipaClip na ba mutum damar zana hoto bisa hoto a waya, Stop Motion Studio kuma na ɗaukar kunkurun yumɓu hoto ɗaya bayan ɗaya. Kafin a taɓa ko ɗaya, a raba takarda gida goma sha biyu, kowane gida daƙiƙa biyar, a zana abin da ke faruwa a ciki ko da da 'yan sanduna ne, a bi su da agogo. Gidan da aka kasa zanawa sai da rubutun bayani a ƙasa, shi za a sake tunani a kansa tun ba a fara zane 720 ba.