Albashin Naira Dubu 300, Kashewar Naira Dubu 356

Idan ƙungiya ta zauna rubuta kasafin kuɗin wani aiki da za ta kai wa masu ba da tallafi, sashen ma'aikata shi ake fara cikewa, domin ana ganin ba shi da wuya: a rubuta muƙami, a rubuta albashi, a ninka da wata goma sha biyu. Sai aiki ya yi nisa, wajen wata na takwas ko na tara, akanta ya fara sosa ƙeya. Albashi yana fita daidai, amma kuɗin fansho sun taru ba a biya ba, kamfanin inshora ya aiko da takardar neman kuɗinsa, wata ma'aikaciya kuma ta tafi haihuwa babu mai riƙe mata aiki. Ba wanda ya ci ko kwabo. Tun ranar farko lissafin ya tashi da giɓi, domin adadin da ke cikin takardar ɗaukar aiki bai kai abin da ma'aikaci yake ci wa ƙungiya ba.

Mu ɗauki misali. A ce wata ƙungiya a Katsina za ta gudanar da aikin shekara guda na koya wa mata sana'a, kuma za ta ɗauki jami'ar da za ta riƙa zagaya ƙauyuka a kan naira 300,000 a wata. Kafin a rubuta komai sai an fasa wannan adadi gida-gida: gundarin albashi 150,000, alawus na gida 60,000, na sufuri 40,000, sauran alawus kamar na abinci da na waya 50,000. Fasawar tana da dalili. Dokar fansho ta Najeriya ta 2014 ta ce ana lissafa fansho ne a kan abin da bai gaza jimillar gundarin albashi da alawus na gida da na sufuri ba. A wurin jami'armu, naira 250,000 ke nan.

A nan mutane suka fi ruɗewa. Dokar ta ɗora wa ma'aikaci kashi 8 cikin 100, ta ɗora wa wanda ya ɗauke shi aiki kashi 10. Kashi 8 ɗin, wato 20,000, daga cikin albashinta ake cirewa, kamar yadda ake cire haraji, saboda haka yana ƙunshe a cikin 300,000 ɗin, ba ya buƙatar layi na daban a kasafi. Kashi 10 ɗin kuwa, wato 25,000, daga aljihun ƙungiya yake fita, ƙari a kan albashi. Wanda ya rubuta kashi 18 gaba ɗaya ya kumbura kasafi, mai duba takardu zai kama shi. Wanda bai rubuta komai ba zai ci bashin ma'aikatansa ba tare da saninsu ba, alhali doka ta ba da kwana bakwai na aiki kacal bayan biyan albashi a tura kuɗin zuwa asusun fanshonsu, kuma jinkiri yana jawo tara.

Akwai wasu ƙananan kuɗaɗe da ke biyo fansho a baya. Dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010 ta sa a biya asusun NSITF kashi 1 cikin 100 na albashin da ake biya, wato 3,000 a wata. Dokar fanshon nan ta kuma wajabta inshorar rai wadda za ta biya iyalan mamaci aƙalla ninki uku na abin da yake samu a shekara. Farashinta ba a ƙiyasta shi da ka, kamfanin inshora ake tambaya. Mu ɗauka ya ce 36,000 a shekara, 3,000 ke nan a wata. Mu ɗauka inshorar lafiya ta kama 10,000 a wata. Ƙungiyoyi da yawa kuma suna biyan alawus na hutu, galibi kashi 10 cikin 100 na gundarin albashin shekara. Idan yana cikin ƙa'idojin aikin wannan ƙungiya, to 180,000 ne, wato 15,000 a wata.

A haɗa duka, jami'ar tana cin naira 356,000 a wata, 4,272,000 a shekara. Wanda ya ninka albashi kaɗai ya rubuta 3,600,000, ya bar giɓin 672,000 a kan mutum ɗaya. Jami'ai huɗu irinta, giɓin ya kai 2,688,000, kuma masu ba da tallafi ba kasafai suke ƙara kuɗi bayan an sa hannu ba.

Hutu shi ne ɓangaren da na fi ganin ana yi wa kuskure, ta fuska biyu masu karo da juna. Wasu suna ƙara albashin wata guda su kira shi kuɗin hutu. Wannan ninki ne, domin wata goma sha biyun da aka rubuta sun riga sun ƙunshi kwanakin da take hutu tana karɓar albashi. Abin da hutu ke ci shi ne kwanakin aiki. Shekara tana da kimanin kwana 260 na aiki. Dokar ƙwadago ta ce hutun shekara kada ya gaza kwana shida na aiki ga wanda ya cika wata goma sha biyu, amma mu ce wannan ƙungiya tana ba da kwana 20. A cire su, a cire kamar kwana 12 na Sallah, Maulidi, Kirsimeti da sauran ranakun hutun gwamnati, saura 228. Idan mai tallafi yana biya ne bisa kwanakin da aka yi masa aiki, raba 4,272,000 da 260 zai ba da kusan 16,400 a rana, raba shi da 228 zai ba da kusan 18,700. Na biyun ne yake mayar da kuɗin da aka kashe.

Wasu kuma suna mantawa da inda hutu ke zama tsabar kuɗi. Hutun haihuwa a dokar ƙwadago mako 12 ne, da aƙalla rabin albashi ga wadda ta yi wata shida a bakin aiki, kuma ƙungiyoyi da dama cikakken albashi suke biya. Ƙauyuka ba za su jira ta yi arba'in ba, dole a ɗauki mai riƙon ƙwarya na kusan wata uku, albashi biyu ke nan a kan kujera ɗaya. Haka nan idan aiki ya ƙare jami'ar tana bin hutun kwana 10, kuma ƙa'ida ta ce a biya ta, a raba 300,000 da kwana 22, a ninka goma, za a samu kusan 136,000 a daidai lokacin da asusun aikin ya kusa bushewa. Maganin wannan mai araha ne: shugaba ya tabbatar kowa ya ci hutunsa kafin watan ƙarshe.

Ba kowa ne yake ba aikin dukan lokacinsa ba. Akantan ƙungiya yana iya riƙe ayyuka uku. Idan cikakken abin da yake ci 500,000 ne a wata, kuma kashi 30 cikin 100 na lokacinsa ne zai tafi a nan, 150,000 za a rubuta, fansho da inshora duk suna ciki bisa wannan kaso. Masu binciken kuɗi za su nemi takardar da yake cikewa ta kwanakin da ya yi wa kowane aiki. Za su kuma haɗa kasonsa a duk ayyukan ƙungiya, kuma idan ya haura 100, an sayar da lokacin mutum ɗaya sau biyu, sai a ce a mayar da rarar.

Kuɗin kwana da na mota idan an yi tafiya ba na wannan sashe ba ne, sashen tafiye-tafiye suke. Aikin da zai wuce shekara guda kuma, a sa ƙarin albashi a shekara ta biyu, a bar fansho da NSITF da alawus na hutu su bi shi sama, tunda a kansa ake lissafa su. Shi ya sa a manhajar lissafi ya fi kyau kowannensu ya samu gurbinsa, ya riƙa jawo adadinsa daga gurbin albashi, maimakon a buga lambar da hannu.