Yadda kamfani ke tsara shirin bidiyo da za a riƙa jira kowane mako

Shirin bidiyo na mako-mako ana gina shi ne a kan tsari guda da ba ya canzawa, sannan a bar gurbi ɗaya da sabon abu zai riƙa shiga kowane mako. Tsarin shi ke sa mai kallo ya san abin da zai tarar idan ya dawo, gurbin kuma shi ke hana shi ƙosawa. Kamfanin da ke sakin bidiyo barkatai, yau talla, gobe gaisuwar Sallah, jibi jawabin manaja, yana iya samun masu kallo, amma babu wanda zai ware masa rana.

Shirin Hot Ones na kafar First We Feast a Amurka ya nuna wannan sarai. An fara shi a YouTube a 2015, Sean Evans ke gabatarwa. Baƙo, galibi fitaccen mawaƙi ko ɗan fim, yana zama gaban fukafukan kaza guda 10, kowanne da yajinsa, kuma kowane yaji ya fi na bayansa zafi. Duk fiffike ɗaya tambaya ɗaya. Tebur ɗaya ne, baƙin labule ɗaya, mai tambaya ɗaya, rana ɗaya, wato Alhamis. Baƙon kaɗai ke sauyawa. Gwanintar tsarin tana cikin hawan zafin: wanda ya ga baƙo yana dariya a fiffike na 2 ya san akwai na 8, inda yajin Da Bomb ke sa manyan mutane hawaye, don haka ba zai tashi ba. Tsarin da kansa ke riƙe mai kallo, ko da baƙon makon ba gwaninsa ba ne. Daga baya masu shirin sun fito da yajinsu na sayarwa, har da The Last Dab da ake ci a ƙarshe.

Ga kamfanin da ya riga ya mallaki hajarsa, tambaya ta farko ita ce inda hajar za ta zauna a cikin shirin. Blendtec, kamfanin injin markaɗe na Amurka, ya fara Will It Blend? a 2006, inda mai kamfanin, Tom Dickson, ke jefa abubuwa cikin injin, daga ƙwallayen gilashi har wayar iPhone, a ga ko za su niƙe. Idan aka cire injin, babu shiri. Wannan ne ma'auni mai kyau: hajar ta zama kayan aikin shirin. Inda aka tsayar da labari a tsakiya don a yabi haja, nan ne yawanci mai kallo ke tura bidiyon gaba.

A ɗauki misalin ƙaramin kamfanin kayan ƙamshin miya a Kano. Zai iya tsara shiri na minti 8: kowane mako a ba mai girki ɗaya naira 5,000 ta ciyar da mutum shida. Daƙiƙa 15 na farko a nuna kuɗin a hannunta da abincin da ta yi alkawari, ba tare da doguwar sallama ko tambarin kamfani yana juyawa ba. Minti biyu a kasuwa ana ciniki, ragowar kuɗin na raguwa a gefen allo. Minti huɗu a madafa, inda kayan kamfanin ke shiga tukunya kamar kowane sinadari. Sai ɗanɗano da hukuncin masu ci, sannan a nuna fuskar mai girkin mako mai zuwa. Kuɗin da ke raguwa shi ne hawan zafin wannan shiri, domin mai kallo yana son ya ga ko za su kai.

Kafin a kunna kyamara, akwai gwaji mai arha. A zauna a rubuta kanun fitowa 30. Idan aka cije a na 9, abin da ke hannu bidiyo ne mai kyau guda ɗaya ko biyu, bai kai shiri ba. Shirin girkin zai wuce wannan gwaji cikin sauƙi, tunda masu girki ba sa ƙarewa kuma farashin kasuwa ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Abin da ya fi kashe irin waɗannan shirye-shirye shi ne gajiya. Kamfani ya zuba duk ƙarfinsa a fitowa ta farko, da kyamara uku da jirgin ɗaukar hoto, sai mako na huɗu ya zo babu kuɗi babu lokaci. Don haka ana auna tsari da mako mafi wuya: ranar da babu wuta, mai tace hoto ba shi da lafiya, baƙuwa ta fasa zuwa. Maganinsa ɗauka a dunƙule. A ware kwana biyu a wata a ɗauki fitowa huɗu, kuma kada a saki ta farko sai akwai huɗu a ajiye, an tace su tsaf. A YouTube ana ɗora bidiyo a zaɓi `Schedule`, ya fito da kansa a rana da sa'ar da aka sa. Haka nan ya fi kyau a yi alkawarin zango mai iyaka, misali fitowa 12, a huta, a sanar da ranar dawowa. Hutun da aka sanar ba ya korar kowa. Shirun da ba bayani shi ke warware sabo.

Masu kallo a ƙasar Hausa ba baƙin wannan sabo ba ne. Izzar So, da ke fita a tashar Bakori TV a YouTube, ya mai da daren Lahadi lokacinsa a gidaje da yawa. Sai dai akwai bambanci: fim mai dogon zango yana jan mutum da labarin da aka katse, kuma wanda bai ga farko ba zai sha wuyar shiga. Shirin kamfani ya fi dacewa da fitowar da ke tsaye da ƙafarta, ta yadda wanda ya faɗo a ta 17 zai gane komai, ya koma neman na baya. Rana da sa'a kuwa a zaɓe su bisa rayuwar masu kallon, a faɗe su a cikin kowace fitowa. A watan azumi shirin girki zai fi amfani kafin la'asar, kuma irin wannan sauyi ana sanar da shi tun da wuri.

Yawan kallo shi kaɗai ba ya nuna ko mutane na dawowa, domin kuɗin talla na iya kumbura shi. A YouTube Studio, sashen `Audience` yana bambanta sababbin masu kallo da waɗanda suka saba zuwa, kuma na biyun ne ya kamata su riƙa ƙaruwa daga wata zuwa wata. Akwai kuma zanen da ke nuna inda mutane ke barin kowane bidiyo. Idan layin ya zube a daƙiƙa 30 na farko, buɗewar ce ta yi tsawo, ko kanun ya yi alkawarin da bidiyon bai cika ba. Idan yana faɗuwa a wuri ɗaya kowane mako, a ce wajen cinikin kasuwa, to wannan sashe ne za a rage. Idan kuwa fitowa ɗaya ta yi tashin gwauron zabi saboda sananniyar baƙuwa, ta gaba ta koma ƙasa, mutane sun zo ganin baƙuwar ne, tsarin bai kama su ba tukuna.

Gyara ana yin sa ɗaya bayan ɗaya, don a san wanne ya yi aiki. Wanda ya sauya rana da tsawo da mai gabatarwa a mako guda ya fara sabon shiri ne, kuma ba zai san abin da ya gyara ko ya ɓata ba. Fitowa uku ba su isa a yanke wa shiri hukunci ba. Sai an kammala zango guda cur ake zama a kan alƙaluman, a yanke shawarar ci gaba ko tsayawa.